Yadda Mai Juna Biyu Za Ta Magance Ƙarancin Jini: Daga Gwaji Zuwa Shan Ƙwaya Yadda Za Ta Yi Aiki

Tambayar da mata masu zuwa awo a Jos suka fi maimaitawa ita ce: an ce jinina ya yi ƙasa, an ba ni jan magani, ina sha, amma da aka sake aunawa yana nan inda yake, me ya sa? Mafi yawan lokuta ba maganin ne ba shi da kyau ba. Lokacin shansa ne, da abin da ake haɗa shi da shi, da kuma wata cutar da ke cinye jinin ta bayan fage. Wannan jagora ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma ta tsaya ne a kan ƙarancin jinin da rashin sinadarin ƙarfe ke kawowa, wanda shi ne ya fi yawa ga masu ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Najeriya suna da ƙarancin jini.

1. Ki san alamomin, amma kada ki jira su

Alamomin farko su ne kasala da ba ta tafiya ko an yi barci, jiri idan an miƙe tsaye, ciwon kai, bugun zuciya da sauri, da haki a kan aikin da a da ba ya sa ki haki, kamar hawan ɗan tudu ko shara. Idan an ja fatar ido ta ƙasa za a ga cikin ya yi fari maimakon ja, haka ma tafin hannu, harshe da ƙarƙashin farce.

Akwai alamar da mutane ke ɗauka kwaɗayin ciki ne kawai: sha'awar cin farar ƙasa, gawayi, ko tauna ƙanƙara. Sau da yawa wannan alama ce ta rashin ƙarfe a jiki. Farar ƙasa kuma ƙara dagula lamarin take yi, domin tana riƙe ƙarfen da ke cikin hanji ta hana shi shiga jini, kuma tana iya zuwa da ƙwan tsutsa. Ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya idan kina ci, ba abin kunya ba ne.

Matsalar dogaro da alamu ita ce kusan dukansu suna kama da laulayi, kuma mace na iya rasa jini sosai tana ci gaba da hidimar gida ba ta ji komai ba.

Hattara: haki alhali kina zaune, ciwon ƙirji, suma, kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, ko zubar jini ko da kaɗan ne, waɗannan ba na jiran ranar awo ba ne. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

2. Ki yi gwaji, ki kuma karanta lambar da kanki

A takardar gwaji za ki ga ɗaya daga cikin biyu: Hb ko PCV. Na farko yana auna himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Na biyu yana auna kason jajayen ƙwayoyin jini, kuma shi aka fi yi a ƙananan asibitoci saboda arha da sauri. A ƙiyasi, PCV ya kai ninki uku na Hb, wato Hb 10 daidai yake da PCV kusan 30.

Ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. A watanni ukun farko da ukun ƙarshe, Hb ƙasa da 11 ƙarancin jini ne. A watanni ukun tsakiya iyakar 10.5 ce, domin a lokacin ruwan jini yana ƙaruwa fiye da ƙwayoyinsa, sai jinin ya ɗan tsinke ko ga mai lafiya. Daga 7 zuwa 9.9 matsakaici ne, amma a watanni ukun tsakiya daga 7 zuwa 9.4 ne. Ƙasa da 7 mai tsanani ne, kuma wannan ya wuce a koma gida da ƙwaya kawai.

Mazauna Jos suna da wani ƙarin lissafi. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda iska ta fi sauƙi, don haka jiki yana ƙera himogulobin fiye da na mazaunin ƙasa-ƙasa. A ƙa'idar da hukumar ta sabunta a 2024, ana rage kusan 0.8 daga Hb ɗin wanda ke zaune a irin wannan tsayi kafin a kwatanta da ma'auni. Ke nan macen da ke zaune a Jos ko Bukuru, aka ce mata Hb ɗinta 11 cif, ba ta tsira ba tukuna. Kada ta ajiye ƙwaya don an ce "jininki lafiya lau".

A yi gwajin a zuwan farko, a maimaita wajen mako na 28, sannan kusa da haihuwa. A zuwan farkon ki nemi a haɗa da gwajin zazzaɓin cizon sauro da na jinotaif idan ba ki san naki ba. Inda akwai hali, kamar a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko manyan ɗakunan gwaji, akwai gwajin feritin, wanda ke nuna ƙarfen da jiki ya ajiye. Ya fi PCV tsada nesa ba kusa ba, amma shi ne ke tabbatar da cewa rashin ƙarfe ne sanadi. Likitoci da yawa suna ɗaukar ƙasa da 30 a matsayin rumbu ya kusa ƙarewa. Zazzaɓi yana ɗaga lambar feritin ta ƙarya, don haka ba a yinsa ana tsakiyar rashin lafiya.

Hattara: mai sikila, wato SS ko SC, kada ta sha ƙwayar ƙarfe sai likita ya auna ya ce ta sha. Nata ƙarancin jinin daga fashewar ƙwayoyin jini yake, kuma wadda aka sha yi wa ƙarin jini tana iya samun ƙarfe ya yi mata yawa. Mai AS kuwa tana sha kamar kowa.

3. Ki toshe inda jinin ke zuba

Shan maganin ƙarin jini alhali zazzaɓin cizon sauro ko tsutsa na aiki kamar zuba ruwa ne a tulu mai huji. Sanyin Jos ya rage sauro, bai kawar da shi ba, musamman da damina, ga kuma tafiye-tafiye zuwa Lafiya, Shendam ko Abuja.

Daga mako na 13 ana ba mai ciki maganin rigakafin zazzaɓi da aka fi sani da Fansida, ƙwaya uku a lokaci ɗaya, da tazarar aƙalla wata guda tsakanin kowane sha, sau uku ko fiye kafin haihuwa. A kwana cikin gidan sauro mai magani. Maganin tsutsa, albendazol miligiram 400 sau ɗaya, ana ba da shi ne bayan watanni ukun farko sun wuce.

Hattara: folik asid iri biyu ne a kasuwa, mai miligiram 0.4 da mai miligiram 5. Babban yana rage ƙarfin Fansida. Idan shi aka rubuta miki, ki tambayi likita yadda za a tsara su, kada ki daina da kanki, domin akwai matan da babban ne ya dace da su. Mai shan Seftirin kullum saboda cuta mai karya garkuwar jiki kuma ba ta shan Fansida.

4. Ki zaɓi ƙwayar da ta dace, ki duba ainihin ƙarfen da ke ciki

Ciki ɗaya yana cin ƙarfe kusan miligiram 1,000 daga farko zuwa haihuwa: na jariri, na mabiyiya, na ƙarin jinin uwa, da wanda za a zubar wajen haihuwa. Abinci kaɗai da wuya ya biya wannan, balle ga wadda ta shiga cikin da rumbu a bushe saboda haihuwa kusa-kusa.

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali nauyin gishirin maganin ne, ba na ƙarfen ba. Feros salfet mai miligiram 200, wato jar ƙwayar nan da ake bayarwa a wurin awo, tana ɗauke da tsantsar ƙarfe kusan miligiram 65. Feros fumaret mai 200 ita ma kusan haka. Feros gulukonet mai 300 kuwa kusan 35 kawai take da shi. Sabuwar ƙwayar masu ciki mai haɗin sinadarai 15 da wasu asibitoci ke rabawa tana da 30.

Don rigakafi, ana so kowace mai ciki ta sha tsantsar ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid 0.4, kuma a inda ƙarancin jini ya yi yawa kamar ƙasarmu, 60 aka fi so. Don magani, idan gwaji ya nuna jini ya yi ƙasa, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 120 a rana har jinin ya dawo. Likitoci da dama yanzu suna farawa da ƙwaya ɗaya a rana, kuma dalilinsu yana mataki na gaba. Tsohon tsarin nan na ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare, shi ne ya fi sa mata su yar da maganin saboda tashin zuciya.

A batun kuɗi, jar ƙwayar ita ce mafi arha, kuma wani lokaci kyauta ake ba da ita a asibitocin gwamnati. Ruwan maganin ƙarin jini na kwalba da kafso masu ƙyalli sun ninka ta kuɗi sau da yawa, alhali wasunsu ƙarfen da ke cikin cokali guda bai kai na ƙwaya ɗaya ba. Tsada ba ta nuna ƙarfi a nan. Ki juya kwalin ki nemi adadin tsantsar ƙarfen, ko ki sa mai kemis ya nuna miki, ki kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Hattara: kada ki haɗa ƙwaya da ruwan kwalba da kafso gaba ɗaya don jini ya yi saurin hawa. Hanji ba zai ɗauki fiye da abin da zai iya ba, ragowar kuma ciwon ciki zai zame miki. Sannan ki ɓoye maganin inda yaro ba zai kai ba. Yana kama da alewa, kuma ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro. Idan yaro ya haɗiya, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasansa.

5. Lokacin sha: nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace

Jiki ba ya ɗaukar duk ƙarfen da ke cikin ƙwaya, ɗan kaso ne kawai ke shiga jini, kuma abin da ke cikin ciki a lokacin shi ke yanke girman kason.

Tsarin da ya fi kyau shi ne da sassafe, ciki babu komai, da kofin ruwa, a bi da lemun zaƙi ɗaya ko gwaiba, sannan a jira awa guda kafin karin kumallo. Bitamin C da ke cikin waɗannan 'ya'yan itace yana riƙe ƙarfen a yanayin da hanji ke iya tsotsa. Idan kin riga kin ci abinci, ki bari awa biyu ta wuce.

Safiya ta fi ne saboda wani sinadari da hanta ke fitarwa mai suna hefsidin, wanda aikinsa rufe ƙofar shigar ƙarfe a hanji. Da safe yana ƙasa. Da zarar an sha ƙwaya sai ya tashi, ya kuma daɗe a sama har kusan kwana guda. Shi ya sa ƙwaya ta biyu da ta uku a rana ɗaya ba sa shiga kamar ta farko, amma illarsu ga ciki tana nan daram. Zazzaɓi ma yana ɗaga shi, wanda ya ƙara nuna dalilin mataki na 3.

Babban abokin gabar wannan ƙwaya a Jos shayi ne. Sanyin safiya, musamman daga Disamba zuwa Janairu, yana sa kusan kowane gida ya karya da shayi mai kauri da madara da burodi, kuma da shi mata da yawa ke kora maganinsu. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke ɗaure ƙarfe, yana iya rage abin da jiki zai ɗauka da fiye da rabi, madarar kuma ta ƙara nata. Ba a ce ki daina shayi ba. Ki sa tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwaya, da kuma aƙalla awa guda tsakaninsa da babban abinci. Kofi, abin sha mai koko na gwangwani, goro, nono, fura da nono da yogot duk hukuncinsu ɗaya.

Magunguna ma suna karo da juna. Ƙwayar kalsiyam da farin maganin ƙwannafi suna hana ƙarfe shiga, don haka idan ƙarfe da safe ne, su a bar su sai rana ko dare. Ta ɗaya ɓangaren kuma, ƙarfe yana rage shigar wasu magunguna: metildofa na hawan jini, maganin maƙoƙo, da dolutegirabir na cuta mai karya garkuwar jiki. Mai shan ɗaya daga cikinsu ta sa likita ko mai haɗa magani ya rubuta mata lokacin kowanne.

6. Idan ƙwayar ta dame ki

Baƙin bayan gida al'ada ce ga mai shan ƙarfe, ba ciwo ba ne. Sai dai idan ya zo da danƙo kamar kwalta, da wari na daban da ciwon ciki, wannan a nuna wa likita.

Idan tashin zuciya ne, ki gwada shanta da ɗan abu kaɗan kamar ayaba ko gwanda, ko ki mai da ita lokacin kwanciya, awa biyu bayan tuwon dare. Abin da zai shiga zai ɗan ragu, amma ya fi ƙwayar da ke kwance a jaka. Idan bushewar ciki ne, ki ƙara ruwa, ganye, gwanda da ɗan tattaki. Idan duk da haka abin ya gagara, ki koma asibiti. Ana iya mai da ke shan ƙwaya ɗaya yau, gobe hutu, ko a sauya miki zuwa gulukonet mai sauƙi. Idan kin manta wata rana, kada ki ninka washegari.

7. Ki gyara tukunya

Ƙarfen abinci iri biyu ne. Na nama da kifi yana shiga jini cikin sauƙi, kuma shayi bai cika taɓa shi ba. Na tsirrai yana da wuyar shiga, kuma shi ne abin da aka haɗa shi da shi ke ɗagawa ko kayarwa.

A ɓangaren nama, jan nama na sa, akuya ko rago, da ƙoda, zuciya, saifa da kifi su ne kan gaba. Ganda kusan ba ta da komai a wannan fanni, duk da daɗinta a miya. Hanta tana da ƙarfe sosai, amma tana da bitamin A mai yawan da zai iya cutar da ɗan tayi, don haka a guje ta a watanni ukun farko, bayan nan ma ɗan yanki jefi-jefi ya isa. Kowane nama a dafa shi ya nuna sarai.

A ɓangaren tsirrai akwai wake, waken suya, gero, riɗi, agushi, daddawa, zogale, alayyahu, rama da ugu. Dabaru uku ne ke sa ƙarfensu ya yi amfani. Na farko, a sa ɗan nama ko busasshen kifi a cikin miyar, ko yanka biyu ne, domin yana taimaka wa ƙarfen ganyen ya shiga. Na biyu, a ci da abu mai bitamin C a zama ɗaya: ɗanyen tumatir da tattasai a kwaɗon zogale, matsin lemun tsami a kan faten wake, gwaiba ko mangwaro bayan tuwo. A nan mutanen Jos sun yi sa'a, domin tumatir, kabeji da koren tattasai ba sa yankewa a kasuwar Farin Gada. Na uku, jiƙo da tsimi. Hatsi da wake suna da sinadarin da ke riƙe ƙarfe, kuma jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan, ko barin gero ya yi tsami kamar yadda ake yin kamu, yana rage shi. Kokon kamu ya fi kunun garin da aka dama nan take, muddin ba a zuba masa madara ba.

Gwaten acca da yakuwa da alayyahu, idan an sa masa wake da kifi, abinci ne mai kyau ga mai ciki. A zuba ganyen daga ƙarshe, a kuma rage kanwa, domin dogon dahuwa da kanwa duk suna kashe bitamin C.

Maltina da madara, wadda ake kawo wa duk wanda aka ce ba shi da jini, sukari ce da kalsiyam, ƙarfen cikinta bai taka kara ya karya ba. Zoɓo kuwa kalarsa ce kawai ta yi kama da jini.

8. Ki koma a sake aunawa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Mu ɗauki misalin mace mai ciki na huɗu, mazauniyar Jos, da ta zo awo a mako na 24. PCV ɗinta 27, wato Hb kusan 9, idan aka cire na tudu ya koma wajen 8.2. Matsakaicin ƙarancin jini ne. Jinotaif ɗinta AA, ba ta da zazzaɓi. An ba ta Fansida da maganin tsutsa, an ɗora ta a kan feros salfet.

Bayan mako huɗu ta dawo, PCV 28. Kusan bai motsa ba. Abin da ake sa rai idan magani na aiki shi ne Hb ya hau da kusan 1 cikin mako biyu zuwa uku, wato PCV ya ƙaru da kusan 3. Kafin a ce maganin ya gaza, sai a bi tambayoyi da tsari. Tana sha kullum? A ƙirga ragowar ƙwayoyin, sun fi baki faɗin gaskiya. Da me take sha? Ta yi zazzaɓi a tsakani? Tana zubar da jini, ko na basir ne? Tana cin farar ƙasa? A misalinmu, ta ce ba ta fashi, amma da shayin safe take korawa, tare da ƙwayar kalsiyam. Aka mai da ƙarfen zuwa bayan sallar asuba da ruwa da lemu, shayi sai ƙarfe takwas, kalsiyam da dare. A mako na 31 ana sa ran ganin PCV ya kai 31 ko sama.

Da a ce an gyara komai amma bai hau ba, sai a yi cikakken gwajin jini da feritin, domin wataƙila sanadin ba ƙarfe ba ne. Rashin folik asid ko bitamin B12, ciwon ƙoda, ko wata daɗaɗɗiyar cuta duk suna kawo ƙarancin jini.

Lokaci ma yana cikin lissafi. Ƙwaya tana bukatar makonni, don haka wadda aka gano jininta ya yi ƙasa sosai daga mako na 34 zuwa sama, ko wadda cikinta ya ƙi karɓar ƙwaya, ana iya ba ta ƙarfe ta jijiya. Akwai irin da ake ɗura miligiram 1,000 a zama ɗaya cikin ƙasa da rabin awa. Yana da tsada, ba a yinsa a watanni ukun farko, kuma a asibiti kaɗai ake yi, inda za a iya taimakawa idan jiki ya ƙi shi. Kada ki yarda a yi miki allurar ƙarin jini a kemis ko a gida. Idan Hb ya faɗi ƙasa da 7, musamman kusa da haihuwa ko da haki, magana ta koma ta kwanciya a asibiti da yiwuwar ƙarin jini.

Hattara: wadda ta shiga watan haihuwa da Hb ƙasa da 10 ta haihu a asibitin da ke da ma'ajiyar jini, kuma maigida ya shirya masu ba da jini tun kafin naƙuda. Zubar jinin da mai cikakken jini za ta jure tana iya kayar da wadda jininta ya yi ƙasa.

9. Kada ki tsaya don lamba ta gyaru

Himogulobin ne ke fara cika, rumbun ajiya sai daga baya. Bayan Hb ya dawo daidai, a ci gaba da shan ƙwaya har tsawon cikin, sannan aƙalla mako shida bayan haihuwa. Wadda aka yi wa maganin ƙarancin jini ta cika wata uku tana sha daga ranar da jinin ya daidaita, ko da hakan ya wuce arba'in. Idan an zubar da jini da yawa wajen haihuwa ko an yi tiyata, a auna PCV kafin sallama, a sake aunawa a zuwan mako shida. Ƙwayar ba ta hana shayarwa kuma ba ta cutar da jariri ta nono. Kunun kanwa da shayin da ake yawan ba mai jego su ma a raba su da ƙwayar da awa biyu.